Hoton Gini Kafin Ya Kammala: Yadda Ake Haɗa Renda ta Rahoton Aiki da Yadda Ake Gane Mai Ƙarya

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen babban gini da ake cikin yi a Abuja ko Kano ya san allon nan da ake kafawa a bakin ƙofa: bene ya sha fenti, gilasai na ƙyalli, ciyawa kore shar, ga motoci an jera a harabar. Wannan hoto ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, kwamfuta ce ta fitar da shi daga samfurin ginin da mai zane ya haɗa, kuma masu sana'ar suna kiransa renda. Akwai kuma wata renda da ba a kafawa a bakin titi, wadda ta fi wuyar yi. Ita tana nuna ginin a tsakiyar aiki, filoli da bim tsirara, rodi ya leƙo daga saman kankare, sikafo na ƙarfe ko na gora ya kewaye bango, bulo ya tsaya a rabin hanya. Ana saka ta cikin rahoton wata-wata da ɗan kwangila ke aika wa mai gini, ko bankin da ya ba da rance, ko mutanen da suka biya kuɗin gida tun kafin a gama shi.

Bambancin hotunan biyu babba ne. Na farko alkawari ne, kowa ya san haka, ba wanda zai riƙe mai zane saboda bishiyar da ya dasa a hoto. Na biyu kuwa shaida ce a kan rana guda: ranar kaza ga watan kaza, ga inda aiki ya kai. Idan hoton ya ƙara layin bulo biyar da ba a ɗora ba, ya yi ƙarya, kuma ƙaryar tana iya zama kuɗi.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, me ya sa ba za a ɗauki hoto da waya kawai ba? Ana ɗauka, kuma dole ne a ɗauka. Sai dai a cikin gari fili ƙarami ne, katangar kwano ta rufe ƙasa, gidan maƙwabci ya tare gefe, ba inda mutum zai ja baya ya ga ginin gaba ɗaya. Tashin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin hukuma, ba ko'ina ake bari ba. Sannan akwai abubuwa biyu da kyamara ba ta iyawa sam: ba ta yanka gini ta nuna cikinsa hawa-hawa, kuma ba ta nuna inda ya kamata a ce aikin ya kai a yau bisa jadawali. Mai gini da ke zaune a Jidda ko Landan, wanda bai iya karanta zanen injiniya ba, waɗannan biyun ne yake son gani.

Gini guda, rana guda

Mu ɗauki misalin gini irin wanda aka saba gani a Kano, ƙasa da hawa uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Tsawonsa mita 24, faɗinsa mita 12, filoli a tazarar mita 4, wato bakwai a tsaye huɗu a kwance, 28 ke nan a kowane hawa. Daga dekin zuwa dekin mita 3.3. Rahoton na ƙarshen watan Disamba ne.

Mai renda nagari ba ya fara aiki da kwamfuta. Yana fara shi da takarda da tef, a cikin ginin, tare da foman. Abin da ya rubuto a misalinmu shi ne: dekin farko an zuba shi kwana 40 da suka wuce, an kwance katakonsa. Dekin na biyu kwanansa 10, har yanzu gorar tokara na ƙarƙashinsa. A samansa an zuba filoli 16, shida suna cikin akwatin katako suna jiran kankare, shidan da suka rage rodi ne kawai a tsaye. Bulo bai wuce hawan ƙasa ba: fuskar kudu ta kai layi huɗu, wato gindin taga, fuskar gabas ta kai layi tara, inda za a zuba linta, sauran fuskoki biyu ba a taɓa su ba.

A lura, bai rubuta "an kai kashi kaza cikin ɗari" ba. Ya rubuta wace fila, a wane layi na zanen injiniya, tana wane hali. Kashi cikin ɗari ba ya zanuwa. In an ce an yi kashi 57 na filolin hawa na biyu, mai zane da ke ofis zai zaɓi 16 ɗin da suka fi kyau a hoto, yawanci na gaba, alhali waɗanda aka zuba na baya ne, kusa da inda injin kwaɓa kankare yake.

Daga nan sai samfuri. Matsalar farko da ake cin karo da ita ita ce, samfurin da mai zanen gini ya haɗa na ginin da ya kammala ne. Bango a cikinsa abu ɗaya ne dunƙule, da filasta da fenti, daga ƙasa har sama. Fila sau da yawa sanda ɗaya ce tun daga tushe har rufi. Ba za ka iya nuna rabin abin da aka zana a dunƙule ba, don haka sai an sassare shi yadda ake gina shi: kowace fila a raba ta hawa-hawa, kowane dekin a raba shi bisa ranar zubi, kowane bango a raba shi tsakanin fila da fila, a kuma raba bulo da filasta. Wannan shi ne mafi yawan aikin, kuma shi ne wanda mai biya ba ya gani.

Manhajojin sana'ar kowace da hanyarta. A Revit kowane abu yana da gurbin `Phase Created` da `Phase Demolished`, wato matakin da aka gina shi da matakin da aka cire shi, sai a zaɓi abin da zai fito da matatar matakai irin `Show Previous + New`. Mai aiki da SketchUp yakan zuba kowane mataki cikin nasa `Tags`, ya kunna ya kashe. A manyan ayyuka ana kai samfurin Navisworks, inda sashen `TimeLiner` ke ɗaure kowane yanki da layinsa a jadawalin aiki, a ba shi nau'i: `Construct`, `Demolish` ko `Temporary`. Wannan ɗaure samfuri da lokaci shi ake kira 4D. Ga ginin hawa uku ba lallai sai an kai can ba, amma nau'in nan na uku, na wucin gadi, shi ne zuciyar maganar, ko da wace manhaja ake aiki.

Abin da ba ya cikin zane

Gora, katako, sikafo, tulin yashi, kwanon sarki: babu ɗaya daga cikinsu a zanen mai zanen gini, domin ba za su zauna ba. Amma su ne ke faɗa wa mai ido ko hoton gaskiya ne.

Mu fara da tokara. Kankare ba bushewa yake yi ba, siminti ne ke haɗuwa da ruwa yana ƙarfi a hankali. Ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi na kwana 28 ne, a kwana bakwai kuwa yakan kai wajen kashi biyu cikin uku. Shi ya sa ake iya kwance katakon gefen fila bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokarar da ke ƙarƙashin dekin da bim ta daɗe, a wurarenmu galibi mako uku ake ba ta sai in injiniya ya ce wani abu daban. To dekin na biyu a misalinmu kwanansa 10. Ma'ana hawa na ɗaya a ranar rahoton cike yake da gora, tsaitsaye kusa da kusa, da ƙyar mutum zai ratsa da baro. Renda da ta nuna wannan hawan a share, haske na ratsa shi, tana faɗin ɗayan abu biyu: ko mai zanen bai je wurin ba, ko ɗan kwangilar ya kwance tokara da wuri. Na farko kuskuren hoto ne. Na biyu abin a kira injiniya ne a ranar.

Daga wannan kuma sai wata ƙa'ida ta fito, wadda masu renda da ba su taɓa shaƙar ƙurar siminti ba suke karyawa kullum. Bulo yana bin kankare a baya, da tazarar hawa ɗaya ko biyu. Magini ba ya jera bango a hawan da gora ta cika. Amma da yake hoto ya fi daɗin gani idan bango ya hau kamar matakala, cikakke a ƙasa, rabi a tsakiya, layi biyu a sama, haka da yawa suke zana shi. Ya yi kyau, amma ba a gini haka.

Rodin da ke leƙowa daga saman dekin ma yana da tsawonsa. An bar shi ne don a ɗaura masa rodin filar da za ta hau, kuma haɗin yakan kai ninki 40 zuwa 50 na kaurin rodin. Ga rodi mai milimita 16, wajen santimita 65 zuwa 80 ke nan. In ka ga ɗan tsinke tsawon tafin hannu a hoto, ko kuma ka ga saman fila sumul ba rodi alhali akwai hawa a gaba, ka san an yanke samfurin kawai an ɗauki hoto.

Sikafo kuwa nan ne jaraba take. Manhajoji irin su Lumion da Twinmotion da rumbunan samfura na intanet cike suke da kayan gini da aka riga aka zana: sikafon ƙarfe mai sheƙi, dogon injin ɗaga kaya, leburori da hular kwano da riga mai ƙyalli. Dannawa ɗaya ce. Sikafon ƙarfe na ƙa'ida bututu ne mai kaurin milimita 48.3, hawansa kamar mita biyu-biyu, da katakon takawa a shimfiɗe cikakke, da sandar kariya a daidai ƙugu, da allon da ke tare ƙafa da kaya kada su faɗo, an kuma ɗaure shi da jikin ginin. Idan abin da ke wurin aikin gora ce da aka ɗaure da waya, an ɗora mata katako biyu, to gorar za a zana. Na san dalilin da ake bayarwa, wai mai gini zai ji kunya in banki ya ga gora. To amma rahoto ba kwalliya ba ne. Mai ginin da aka nuna wa sikafon ƙarfe zai ɗauka kuɗin hayarsa da ke cikin lissafi an kashe shi inda aka ce, kuma ranar da lebura ya faɗo, hoton nan zai zama takardar da ke cewa an yi kariyar da ba a yi ba. Haka maganar injin ɗaga kaya: ginin da ake hawa da kankare a kwanon sarki bai kamata ya fito da injin da ya fi shi tsawo a bayansa ba.

Layin bulo biyar

Mu koma fuskar kudu, wadda ke kallon titi, don a ga yadda ƙaramar gyara ke zama lissafi. Bulo mai inci tara tsawonsa milimita 450, tsayinsa 225. Tsakanin fila da fila akwai kamar mita 3.7, bulo takwas ke cika layi, kuma akwai irin wannan gurbi shida, don haka layi ɗaya bulo 48 ne. Aikin ya tsaya a layi huɗu. Mai zane ya ga fuskar gabas ta kai linta, ya ga hoton zai fi daidaito in kudu ma ta kai, sai ya ja bangon sama zuwa layi tara. Layi biyar sau 48, bulo 240. A cire gurbin tagogi shida masu faɗin mita 1.8, kowace ta cinye bulo huɗu a layi, sai a sami 120. Bulo 120 ke nan, da simintinsu da yashinsu da kuɗin magini, da suka wanzu a hoto kaɗai, a fuska ɗaya ta hawa ɗaya. A kwamfuta bai kai minti guda ba.

Yadda ake kama wannan ba wuya, in mai renda ya yi aikinsa daidai: a ƙirga layuka. Shi ya sa girman bulon a hoto dole ya zama na gaskiya. Yawancin fatun bango da ke zuwa cikin manhaja na ƙasashen waje ne, ko jan bulo ƙanana ko bulon siminti mai wani awo daban, kuma in an shimfiɗa su ba a gyara awo ba sai ka ƙirga layi goma sha huɗu a ƙasan linta. Ginin ya yi kama da ƙato, ƙirga kuma ta lalace. Ƙarshen bangon da ba a gama ba shi ma ba ya zama miƙe kamar an yanka da wuƙa. Magini yakan bar shi hawa-hawa ko da haƙora don ya sami abin kamawa gobe, kuma ramukan bulon layin ƙarshe suna buɗe suna kallon sama.

Kankare ma yana da shekaru a fuskarsa. Filar da aka kwance jiya duhu take, da danshi, wadda ta yi wata biyu ta yi fari-fari da ƙura. Wadda aka zuba cikin katakon falanki tana ɗauke da zanen katakon, wadda aka zuba cikin allo mai santsi ta fito sumul. Mai renda da ya ba kowane zubi nasa launi ya taimaki mai karatu ya ga tarihin ginin ba tare da ya karanta jadawali ba. Wanda ya shafe komai da toka iri ɗaya ya ɓatar da wannan labarin.

Inda aka tsaya, da inda rana take

Renda ta rahoto tana da daraja ne idan ana iya ajiye ta gefen hoton waya a kwatanta. Don haka ake zaɓar wuri ɗaya tun watan farko, a ce kusurwar katanga ta kudu maso gabas, a yi masa alama da fenti, a riƙa ɗaukar hoto daga nan kowane wata, waya a daidai ido, kamar mita 1.6 daga ƙasa. Sai a saita kyamarar kwamfuta ta dace da wannan. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da ruwan tabarau mai milimita 24 zuwa 26, kuma akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, fSpy, da ke gano matsayin kyamara daga miƙaƙƙun layukan da ke hoto ta miƙa wa Blender. Gwajin ƙarshe shi ne a ɗora rendar a kan hoton, a rage mata kauri har a riƙa hango na ƙasa. In bakin dekin ya hau kan bakin dekin, fila ta hau kan fila, an dace. In sun saɓa, ko kyamara ce ba ta zauna ba, ko kuma ginin ne ya bar zane, kuma wannan na biyun ya cancanci a fito da tef.

Wanda ke sauya kusurwa kowane wata, a kula da shi. Wani lokaci sha'awar hoto ce kawai, wani lokaci kuma gefen da aiki ya tsaya ake juya wa baya.

Inuwa ma shaida ce. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba, da tsakar rana, ranar tana karkace zuwa kudu a tsayin kamar digiri 55, don haka gini mai mita 10 yana jefa inuwar kusan mita 7 zuwa arewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa ranar takan koma ta arewa, inuwar tsakar rana ta gajarce ta faɗi kudu. Manhaja ba ta san ginin a Kano yake ba sai an gaya mata wuri da kwanan wata da inda arewa take. Sannan Disamba lokacin hunturu ne: sama ta yi fari da hazo, inuwa ta yi laushi, ciyawa ta bushe. Rahoton Disamba da ya zo da shuɗin sama da gizagizai da ciyawa kore shar ya nuna mai shi bai damu da ranar da ya rubuta a ƙasa ba.

Abin da aka yi da abin da aka so yi

Rahoto mai amfani yakan zo da hoto biyu daga kusurwa ɗaya. Ɗaya abin da ke ƙasa, ɗaya abin da jadawali ya ce. A misalinmu, mu ce jadawalin ya tanadi a ƙarshen Disamba an gama filoli 28 na hawa na biyu, kafintoci sun fara shimfiɗa katakon dekin na uku. Abin da ke ƙasa 16 ne. Ana iya haɗa biyun a hoto guda: abin da aka gina ya fito da kamanninsa, filoli 12 da suka makara su fito da ja mai shara-shara, sauran ginin da lokacinsa bai zo ba ya fito a zane-zanen layi kawai. A ƙasa a rubuta ma'anar kowane launi, da ranar da aka yi awo, da kalma ɗaya bayyananniya cewa wannan hoton kwamfuta ne. Rubutun ya kasance a jikin hoton, domin da zarar ya shiga WhatsApp zai rabu da rahotonsa ya yi ta yawo shi kaɗai, kuma hoton "inda za mu kai a watan gobe" ba ya daɗewa kafin ya zama "inda muka kai".

Akwai kuma yaudarar da ba laifin kowa ba ce. Ƙashin gini yana tashi da sauri a ido. Mai gini ya ga dekin biyu cikin huɗu sai ya ce an yi rabi, alhali filasta, wayar wuta, famfo, tayil, ƙofofi, tagogi da rufi duk suna gaba, kuma su ne ke cin lokaci da aljihu ba tare da ginin ya ƙara tsawo ba. Renda tana nuna girma, ba ta nuna kuɗi.

Ba ta kuma nuna ƙarfi. Fila mai rodi huɗu da mai rodi takwas iri ɗaya suke a hoto, haka kankaren da aka ba siminti isasshe da wanda aka cika wa yashi da ruwa. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, a tsakiyar aiki yake, kuma daga waje tsaye yake kamar kowane gini har ranar. Abin da ke faɗin ƙarfin kankare shi ne samfurin da ake ɗiba ranar zubi, a zuba a ƙananan akwatuna masu milimita 150 kowane gefe, a kai ɗakin gwaji a murƙushe a kwana 7 da kwana 28. Abin da ke faɗin rodi shi ne duban injiniya kafin a zuba, da hotunan da aka ɗauka a lokacin.

Saboda haka mai gini da aka turo wa irin wannan hoto, kafin ya tura kuɗin mataki na gaba, ya nemi hoton waya na wannan ranar daga wannan kusurwar, ya ƙirga filoli da layukan bulo a duka biyun, ya tambayi ranar da aka zuba kowane dekin, ya nemi takardar gwajin kankare. Biyan kuɗi kuma ya tsaya a kan awon mai ƙididdigar kayan gini da sa hannun injiniya ko mai zanen da ke kula da aikin. Ɗan kwangilar da rendarsa gaskiya ce ba zai ɗauki awa guda bai turo waɗannan ba.